Tsayuwata a zaman makokin yayana

Na koyi rubutu ne bayan na aurar da 'yata ta fari, a makarantar manya ta unguwar Ganou a Parakou, kuma tun lokacin na rubuta abubuwa da yawa. Wannan ne kawai hannuna yake ƙin kama alƙalami a kansa. Zan faɗe shi yadda ya faru.

Ina tsakiyar tuƙa tuwo a rumfata ta Gare, wato tashar mota, direbobin manyan motoci suna jira da kwanoninsu, aka kira ni a waya daga Djougou cewa yayana ya cika. Na bar muciya a tukunya na nemi mota. Ko da na isa an riga an kai shi.

Akwai magana tsakanina da matarsa, kuma duk dangi sun san ta. Da ciwonsa ya yi tsanani na ce a kawo shi Parakou, ta ce shi ne ya ƙi. Na ce mata a gaban mutane macen da ta isa ba ta tambayar majinyaci. Har yau ina ganin da an kawo shi ya fi. Daga ranar dai ba mu ƙara gaisawa ba.

Dama cikina ya ɗaure tun kafin tafiyar, ga zaman mota, ga ruwan da na ƙi sha don kada fitsari ya kama ni a hanya. Washegari da safe na shiga bayan gida na yi ta nishi kamar mai naƙuda. Na fito na taya matan gidan sauke tukunyar shinkafar baƙi, sai na ji wani abu ya soke ni a dubura. Na koma na taɓa. Ƙullutu ne a bakin wurin, daga waje, kamar ƙwayar gurjiya, da tauri.

Na ce basir ne ya fito. Na sha jin direbobi suna cewa da yatsa ake mayar da shi, sai na lakuto man kaɗanya na danna. Bai shiga ba. Na ƙara dannawa har na ga duhu, na dafe bango. Na haƙura na fito.

Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi, matar yayana tana tsakiya cikin mayafinta. Aka matsa mini wuri a gefenta, wurin ƙanwar mamaci. Na durƙusa zan zauna, mazaunaina suna taɓa ƙasa na miƙe kamar wadda ta taka garwashi. Na tafi na jingina da bangon madafa. A nan na wuni a tsaye. Masu ta'aziyya suna gama yi mata, su taso su same ni a bango.

Hawaye suna ta zuba mini. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, addu'a yake so yanzu. Ban taɓa ganin ƙanwa mai son wanta haka ba." Na ce na gode. Ko tunanin yayana ban yi ba a lokacin. Hankalina duk yana ƙarƙashin zanena.

Rana ta biyu ciwon ya fi. Tari ma tsoronsa nake ji. Na daina cin abinci don kada in koma bayan gida, suka ce na ƙi cin abincin gidan. Na ji goggon matar tana cewa, ba ta ko rage murya ba, "'Yar Parakou ba za ta haɗa tabarma da mu ba. Mu muka kashe mata wa."

Ni da direba bai isa ya ɗaga mini murya a Gare ba, na sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke ni, na kasa furta ta. Na gwammace a ce ina gaba da gawa a ƙasa da a ce ga inda ke mini ciwo. Ina gani 'ya'yan yayana, waɗanda na goya, suna wuce ni ba gaisuwa.

Bayan addu'ar uku, da maza suka watse, matar ta aiko in same ta a ɗaki. Ta nuna tabarma.

"Zauna."

"Yaya, bar ni a tsaye."

"To faɗi abin da ke bakinki. Kin saba faɗa a gaban jama'a, yau ga ni ni kaɗai. In har kin ɗauka ni na kashe shi, ki faɗa, ki koma garinku, 'ya'yansa su san ba su da gwaggo."

Na dubi ƙofa, na dubi rufi. Na ce, "Ƙari ne ya fito mini a dubura. Ba na iya zama."

Ta kalle ni. Sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Na ɗauka kuka take.

"Duk wannan cika da batsewar," ta ce, "ashe gindi ne."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na kwana nan."

"Kika danna shi?"

Na ce na danna.

"Haka wanki ya yi, shekarun baya, da yake ɗora buhunan goro. Jininku ɗaya, taurin kanku ɗaya."

Tana takaba, ba za ta fita ba. Ta kira maƙwabciyarta ta ce ta raka ni asibitin unguwa, ƙugu ke damuna. Na ƙi hawa zem, babur ɗin haya, muka taka.

Na roƙa likita mace ta duba ni, aka samu. Sa'ar 'yata ce. Ta ce in kwanta a gefe in naɗe gwiwa. Na juya fuska ga bango, na rufe ido. Ta duba, ta tambaye ni zazzaɓi ko ruwan ƙurji, na ce babu.

Ta ce, "Mama, jini ne ya daskare a jijiya ƙarƙashin fata. Ba daga ciki ya fito ba, shi ya sa ba ya komawa. Dannawa ƙara masa kumburi take. Yau da jiya, wanne ya fi zafi?"

Na ce jiya.

"To ya fara sauka. Da kin zo ranar farko ko ta biyu, da na yi miki allurar kashe zafi na yanka na cire shi, ki huta da wuri. Yanzu yankan ba zai fi barinsa ba."

Ta ce in riƙa zama a ruwan ɗumi a baho, ba mai ƙuna ba, in sha ruwa sosai, in ci ganye da gwanda, in daina nishi da daɗewa a bayan gida. Ta rubuta maganin zafi, da man shafawa, da na laushin ciki. Ta ce zafin zai lafa cikin kwanaki, ƙullutun kuwa sai ya yi makonni, kuma yana iya fashewa ya ɗan zubar da baƙin jini. In jinin ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko zafin ya ƙaru, in dawo maza.

Da na koma gida, na tarar matar yayana ta sa an dafa ruwa an kai ɗakinta. Ta tsaya bakin ƙofa da kanta har na gama. Sannan ta fito da ni tsakar gida, ta shimfiɗa zane a kan tabarmarta.

"Ƙugu ne ya riƙe ta, ta ɓoye," ta ce wa matan. "Kwanta nan, sarkin faɗa."

Na kwanta a gefe ɗaya, kaina kusa da gwiwarta. Goggonta ta yi tsaki, amma ta turo mini kwanon fura. Babbar 'yar yayana ta zo ta zauna wajen ƙafafuna.

Ruwan ɗumin da maganin sun sassauta mini. Ina kwance na hango takalmansa a bakin zaure, inda ya saba cire su, ba wanda ya ɗauke. Sai a lokacin na yi masa kuka. Tsohuwar nan ta sake cewa ba ta taɓa ganin ƙanwa irina ba, na ja mayafi na rufe fuskata.