Kofi Tara ko Shida

Ina kan tambaya ta goma sha biyu wayata ta yi ƙara. Mijin yayata ne. Bai yi sallama ba, ya ce Yaya ta yanke jiki ta faɗi a kasuwar Adum wajen sayayya, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Na ce to. Na ajiye wayar, na ƙarasa jimlar da nake rubutawa, na adana aikin a kwamfuta, sannan na miƙe ina neman takalmina alhali yana ƙafata.

Ƙaramin asibiti ne a Asokore Mampong inda muke aiki tare. Yaya ce babbar nas, ni kuma ina teburin kati. Ita ta samo mini aikin. Duk lokacin da aka ɗauki sababbin masu shara da wanke kayan aiki, ita take koyar da su kwana uku, tana haska musu silaid a bango da majigi. In ta gama sai ta ba ni silaid ɗin, in fitar da tambayoyi ashirin da takardar amsa. Wanda ya ci goma sha huɗu ya zauna a aiki, wanda bai kai ba a sallame shi.

Dokokinta kaɗan ne, amma ba ta sassautawa. Kowace tambaya zaɓi huɗu, ɗaya tak ce daidai. Kada amsar gaskiya ta fi sauran tsawo, don mai wayo zai gane ko bai san komai ba. Kada in tambayi abin da babu shi a silaid. Kuma gefen kowace amsa in rubuta lambar silaid ɗin da na ɗauko ta. Takan ce, "In mutum ya zo yana gardama, ba ke za ki amsa masa ba, bango zai amsa."

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Zaman gida ya gagare ni. In na zauna cikin mata masu gaisuwa sai in ji kamar na bar tukunya a wuta, in tashi in leƙa waje, in dawo. Likitan da ke da asibitin, ɗan ƙabilar Asante ne, ya tare ni a ƙofa ya yi mini ta'aziyya da yarensu, ya ce, "Due o, sista. Ki ƙara hutawa mana." Na ce masa tambayoyi takwas suka rage, kuma mutum biyar suna jiran jarrabawa. Yaya ta riga ta gama koyar da su kwana biyu kafin rasuwarta.

Na ƙarasa a rana ɗaya. Silaid na tara ya ce a zuba kofi ɗaya na bilic, wato ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, cikin kofi tara na ruwa don goge jini a ƙasa. Na mayar da shi tambaya ta goma sha biyar: kofi nawa na ruwa ake zuba wa kofi ɗaya na bilic? Uku, shida, tara, goma sha biyu. A takardar amsa na sa tara, gefensa silaid na tara.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawar. Cikin biyar ɗin akwai wata dattijuwa daga unguwar Dichemso, muna kiranta Mma. Mijinta ya rasu, jikoki uku suna hannunta, kuma ba ta iya karatun boko ba. Ita na karanta wa tambayoyin da Hausa, tana faɗa ina sa mata alama. Da muka zo ta goma sha biyar ban gama karanta zaɓin ba ta ce shida. Na sake karantawa a hankali. Ta ce, "'Yata, kunnena ƙalau. Shida."

Da na zo ba da maki, sai na ga dukansu biyar shida suka zaɓa. Huɗun sun tsallake duk da haka. Mma ta tsaya a goma sha uku.

Na kasa zama. Na je famfo na wanke hannu, na dawo na buɗe silaid ɗin, tara ce. Na rufe, na sake buɗewa. Ƙarfe biyu likita yake son sakamako a kan teburinsa. Na samu Mma a bayan ɗakin haihuwa tana shanya tsumman goge ƙasa.

"Mma, wa ya ce miki shida?"

"Madam mana, Allah ya ji ƙanta."

"A bango tara aka rubuta."

"Ni ina ruwana da bango? Bango ya san ni? Ta tsaya nan, ga bokiti ga kofi, ta sa na ƙirga da bakina. Na zarce zuwa bakwai ta buge mini hannu, ta ce ba koko nake damawa ba."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, domin daidai yadda Yaya take magana ke nan. Amma raina ya ɓaci kuma. In na yarda da Mma, na ce rubutun Yaya kuskure ne ke nan, kwana goma bayan an binne ta. In na bi rubutun, Mma ta tafi gida.

Na shiga sito na ɗauko galan ɗin bilic, na kai wa nas ɗin da ke bakin aiki. Ta duba jikinsa ta ce ƙarfin wannan uku da rabi ne cikin ɗari. Wanda ake saye da, biyar ne, shi ake zuba wa kofi tara. Wannan in aka zuba masa tara ya yi salam, ba zai yi aikin da ake so ba. Ta yi lissafi a bayan wani kati ta nuna mini: shida. Ta ce tun watannin baya aka canza mai kawo kaya, kuma ta sha jin Yaya tana cewa za ta gyara silaid ɗin in ta samu sarari.

Ni ban taɓa shiga ɗakin koyarwar ba. In ana yi, ina teburin kati.

Na soke tara a takardar amsa, na rubuta shida. Wurin lambar silaid na daɗe riƙe da biro, daga baya na rubuta: daga bakinta. Na sake ba da maki, Mma ta samu goma sha huɗu. Likita ya karanta, ya kira nas ɗin ya tambaye ta, sannan ya sa hannu. Sai ya ce, "To sauran fa? Guda nawa ta gyara da baki?"

Ban sani ba. Silaid talatin da ɗaya ne, kuma tambayoyina duka daga cikinsu suka fito.

Tun daga ranar, bayan azahar in aiki ya lafa, nakan tara su biyar ɗin tare da nas, in haska silaid ɗaya ko biyu, in ce, me Yaya ta ce a nan? Su yi ta musu, wannan da yaren Twi wancan da Hausa. Mma ta fi kowa riƙewa, har da yadda Yaya take ɗaga yatsa. Mun samu wani gyaran a kan wurin ajiye kwalin allurai, don an matsar da shi daga inda silaid ya ce. Wata rana nakan rubuta abin da suka faɗa duka, har wanda ba zai shiga jarrabawa ba. Wata rana kuma ana fara kwaikwayon muryarta sai in ce musu akwai mai jirana a teburin kati, in fita.

Mun kai silaid na goma sha takwas. Goma sha uku suka rage, ban duba su ba tukuna.