Bincike na Damina Biyu da Ummusalma Ta Bari Ya Nutse

Ummusalma yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni da ita duka a Kaikai aka yanke mana cibiya. Idan ka gan ta a motar safe daga Kusada zuwa Kankia, rungume da jaka, ba ta ce da kowa uffan, sai ka ɗauka salihar baiwar Allah ce. Saliha ce kam, amma ba ta mantuwa. Tun muna yara, in ka ce mata akuya ta haihu sai ta je garke ta gani da idonta. Wannan hali ta tafi da shi ɗakin karatu na wata kwalejin koyon aikin lafiya a Kankia, inda ta shekara goma sha ɗaya tana aiki.

A kwalejin akwai wani malami, Malam Dabo, mai son a kira shi Dakta tun kafin ya zama. Shi ya lallaɓe ta suka yi bincike kan yadda mata ke ajiye ruwan sha da alaƙarsa da gudawar yara a ƙauyen Bauranya. Suka yi, in ji shi. Ita ta yi damina biyu tana shiga gida-gida, don shi namiji ba ya shiga, tana leƙa randa, tana tambaya, tana rubutawa. Shi kuwa sau biyu ya je, ya zauna cikin mota. Alkawarin dai sunanta zai fito tare da nasa, don ita ma tana neman hanyar ƙaro karatu.

Da aka gama rubutu ya cire sunanta. Ta tambaye shi a ɗakin malamai, a gaban mutane, ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, mai kakkaɓe ƙurar littafi ina ruwanta da mujalla?" Wallahi ranar da ta ba ni labari sai na miƙe tsaye. Na ce bari in je in same shi. Ta ce, "Zauna, Kamalu." Na zauna.

Ba a yi wata ba ya shigo ɗakin karatu yana washe baki. Wata mujallar ƙasar waje ta karɓi takardar, kwana huɗu kacal da aikawa. Kafin ya biya kuɗin bugawa yana so ta fitar masa da shaidar cewa mujallar tana cikin Scopus, wato babban kundin da ake tantance mujallu kafin a sa su ciki, wanda kwamitin ƙarin girma ke girmamawa.

Ta duba. Sunan mujallar yana nan, lambarta ta ISSN, wadda kowace mujalla ke da tata, ita ma daidai. Da wani ne, nan zai tsaya. Ita kuwa sai ta danna adireshin mawallafin da ke cikin kundin, ya kai ta wani shafi dabam da wanda Dabo ya aika wa takardarsa. Ta asalin, ta wata jami'a ce, sau huɗu take fita a shekara, kuma kan lafiyar dabbobi kawai take bugawa. Ta Dabo kuwa ɓarayi ne suka ɗauki sunan da lambar suka buɗe nasu shafin, suna buga komai, daga lissafi har kiwon kaji, in dai ka biya.

Ta san in ta yi magana a lokacin, binciken nata ya tsira. Ta kalle shi yana tsaye yana kaɗa makullin mota, ko kallonta ba ya yi. Ta buga takardar shaidar ta miƙa masa.

"Ga abin da ka ce in fitar maka, Malam."

Wata goma sha huɗu ta yi shiru. Yana wucewa tana gaishe shi har da rusunawa. Ni har haushinta nake ji, don ban san me take dafawa ba.

Sai lokacin ƙarin girma ya zo, Dabo na neman kujerar babban malami, wadda ya shekara shida yana hange. Dokar kwalejin ta ce kowa ya kawo takardunsa da aka buga, ɗakin karatu ya tantance. Sakatariyar kwamitin, Madam Bernice, 'yar kudu ce da ta daɗe a Kankia har Hausarta ta fi ta wasu, ta kawo fayiloli ta ajiye. Ummusalma ta bi na kowa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi wa kowa ƙari ko ragi ba. A kan na Dabo ta rubuta layi biyu, ta nemi a kira ta gaban kwamiti.

Madam Bernice ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki, tana yi tana riƙe baki. Dabo ya ɗaga takardar nan ya ce, "Ga shaida, ita da kanta ta fitar mini!"

"Ƙwarai, ni na fitar," in ji Ummusalma. "Mujallar tana cikin kundin. Takardarka ce ba ta cikin mujallar."

Ta haska shafukan biyu a bango, gefe da gefe. Ta buɗe fitowar da ya ce a ciki aka buga takardarsa, a shafin masu mujallar na gaskiya: takarda tara, duka kan shanu da tumaki, babu Bauranya, babu Dabo. Ta nemi sunansa cikin marubutan da ke kundin, wayam.

Ya ce ai takardar tasa tana fitowa a Google Scholar. Ta ce wannan kwaso duk abin da ya yi kama da takardar ilimi yake yi, ba ya tantance mujalla. Ya nuna wata lamba mai ƙyalli a saman shafin, wai ma'aunin darajar mujallar. Ta ce su suka ba kansu, babu ita a wurin masu fitar da ma'aunin na gaskiya. Sannan ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, masanan da suka duba aikin cikin kwana huɗu, wane gyara suka ce ka yi?"

Ko waƙafi ba su ce ya gyara ba. Ya yi ta share gumi da hula. Da aka cire wannan takarda makinsa bai kai ba, aka ba wani kujerar, shi kuma aka ce sai wani zagayen. Ni dai ranar har tsire na saya wa mutanen gida, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Bayan sati biyu sai ga shi a gidanta a Kusada, da la'asar, ina nan. Yau ita ce "Hajiya". Wai su sake aika aikin wata mujallar ta ƙwarai, sunanta a farko.

"Wace mujallar ƙwarai ce za ta karɓi abin da aka riga aka buga?" ta ce. "Sai waɗancan sun janye shi. Ka rubuta musu?"

Ya rubuta sau biyar, ba amsa.

"Ba za su amsa ba. Ya tafi ke nan."

Sai ya dube ta.

"Kin sani tun ranar nan. Aikinki ne fa, damina biyu. Da kin faɗa mini, da bai lalace ba."

Na zaci za ta musa. Idonta ya kawo ruwa.

"Na sani, kuma har gobe yana min ciwo. Matan Bauranya suna tambayata me ya fito, ba ni da abin ce musu. Amma da na faɗa maka, da ka kai shi mujallar ƙwarai da sunanka kai kaɗai, ka hau kujera a kan bayana." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ƙurar littafi ka ce in kakkaɓe, Malam. Na kakkaɓe. Kamalu, raka shi bakin hanya."