Gidan da Ya Ɓace a Awon Sabo Tela

Duk wanda ya taɓa ɗinka kayan Sallah a Wudil ya san shagon Sabo Tela, nan kusa da tasha, inda ƙarar kekensa ke gasa da ta manyan motocin da ke tsallaka gada. Gajere ne, mai faɗa kamar me, tef ɗin awo kullum rataye a wuya, har masallaci da shi yake zuwa. Tun yana yaro ubansa ya ɗora shi a kan keke, ga shi yau furfura ta cinye gemu. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka: bai taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Karatunsa bai yi nisa ba, amma lamba da suna ba sa ba shi wuya, kuma da zamani ya zo ya sayi babbar waya, masu kawo ɗinki na turo masa awonsu ta WhatsApp.

To, wata Islamiyya a Ɗankaza ta shirya walimar saukar Alƙur'ani, aka yi anko. Kowa ya kawo nasa, aka sayo farar shadda daga Kano, daidai yawan mutane, babu rarar ko taku ɗaya. Malam Muhsin, matashin malamin da ke riƙe da kwamfutar makarantar, shi ya auna ɗaliban, ya zuba komai a jadawalin Excel tsaf. Kowane awo da gidansa: suna, kafaɗa, hannu, tsawon riga, tsawon wando, sai ƙugu a ƙarshe.

Mutum biyar daga ciki manya ne 'yan ajin magidanta. Ba a gama shawara ba ko doguwar riga za a yi musu har idon sawu ko kaftani, don haka Malam Muhsin ya bar gidan tsawon rigarsu babu komai, ya shafa wa layukansu launin rawaya, alamar a dakata. A kwamfutarsa abin a fili yake, makaho ma sai ya gani.

Ya so ya ɗauki hoto ya tura, amma ya san halin Sabo: ba ya buɗe hoto, wai yana cinye masa data. Sai ya kwafi jadawalin, ya liƙa shi a WhatsApp a matsayin rubutu zalla, ya danna, ya tafi aji. Bai tsaya ya duba yadda abin ya fita ba.

Abin da ya iso wayar Sabo ba jadawali ba ne. Layukan da suka raba gida da gida sun tafi, launin rawaya ya tafi, lambobi sun matso jikin juna da ɗan fili a tsakani, kowane layi ya karye gida biyu saboda ƙanƙantar fuskar waya. Gidan da aka bari babu komai kuwa ya zama ɗan fili kamar sauran. Sabo ya karanta kan jadawalin, ya riƙe jerin a ka, ya dinga kwashe lambobi ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a littafinsa.

Da ya zo kan Ƙasimu Auta, ɗaya daga cikin biyar ɗin, sai ya ga lamba huɗu maimakon biyar: 18, 24, 40, 32. Ya ce a ransa ƙugu ne aka bari, kuma ina ruwan wando mai mazagi da ƙugu? Arba'in ya zama tsawon riga, talatin da biyu ya zama tsawon wando. Gaskiya zuciyarsa ta ɗan yi masa wasi-wasi, mai kafaɗa goma sha takwas da wando talatin da biyu? Amma nan take ya ba kansa amsa. 'Yan Islamiyya ne, ai ka san su da ɗangale wando. Ya ja alli, ya sa almakashi.

Ranar Alhamis, walima na Asabar, Malam Muhsin ya zo karɓar kaya tare da wani dogon dattijo mai kaushin hannu. Bayan an gaisa an tambayi iyali da aiki, Malam Muhsin ya ce, "Baba Sabo, ga Malam Ƙasimu na kawo ka auna tsawon rigarsa. An tsaya a kan doguwa. Sauran huɗun suna tafe."

Sabo ya ɗaga kai ya dubi mutumin tun daga hula har takalmi.

"Wace rigar? Ai na gama tasa tun shekaranjiya."

"Ka gama? Da wane awon? Ai na sa musu rawaya!"

"Wane rawaya, Malam? Ni ban ga rawaya ba!"

Sabo ya miƙa masa wayar. Malam Muhsin ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin yanka, ya ajiye wayar kusa da ita, ya dubi wannan ya dubi waccan. Saƙonsa ne, shi ya tura, amma ji ya yi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ɗora yatsa a kan arba'in. "Wannan wando ne, Baba. Talatin da biyun ƙugu ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Malam Ƙasimu ya ɗauki wandon ya kara a jikinsa, ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Ya kara rigar, da ƙyar ta taɓa gwiwa. Sabo ya zube a kan benci, baki buɗe. Kaya biyar, shaddar mutane, da almakashinsa. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Malam Muhsin sai nanatawa yake, kamar mai yi wa kansa karatu. Da fayil ɗin ya tura, ko ya mayar da shi PDF. Da ya buga a takarda ya aiko ɗan acaɓa. Ko da rubutun ne ma, da ya sa wa kowace lamba sunanta, ya rubuta "a dakata" a gidan da ya bari. Sabo kuma abu ɗaya ke cin sa: ya yi shakka, waya na hannunsa, bai kira ba. Tun daga ranar, duk lambar da ta zo masa ba suna a jikinta, mayar da ita yake, ko ta wane ce.

Suka buga waya Kano, aka ce irin shaddar ta ƙare. Sabo ya ce zai yi ƙari a ƙafar wandon da ƙyallayen da suka rage, amma da ya tattaro su ko na mutum ɗaya ba su isa ba.

A lokacin ne Malam Ƙasimu ya yi magana, a hankali. "Ni da girmana na fara karatun nan, Malam Sabo. Daga gona nake wucewa makaranta. 'Ya'yana duk sun riga ni sauka." Ya ninke kayan da kyau, ya sa a leda. "Ba komai. Za su yi wa ƙaramin ɗana."

Ranar Asabar Sabo ya rufe shago ya tafi Ɗankaza, ya zauna can baya. Ɗalibai suka jeru fari fat cikin ɗinkinsa, kowa nasa ya zauna masa cif. Aka kira Ƙasimu Auta. Ya miƙe cikin tsohon kaftaninsa na Sallah, shuɗi wanda wanki ya koɗar, ya gyara murya ya fara karatu. Har ya kai aya ta ƙarshe Sabo bai iya ɗaga kai ba.