Tallan Filin Gwaggo

Mai-Igiya ake ce masa, saboda igiyar awo da ba ta rabuwa da aljihunsa. Dillalin filaye ne, ya haura shekara sittin. Ofishinsa wani ɗan shago ne tsakanin tela da mai gyaran waya: benci ɗaya, tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, sai allon da yake manna tallace-tallace.

Ban daɗe da dawowa daga karatu ba Gwaggo ta ce in raka ta wurinsa. Rufin gidanta ya ruɓe, damina kuma saura wata biyu. Abin da ta mallaka shi ne filin da ta gada daga mijinta a bayan gari. Ni na rubuta mata tallan, na kuma ji daɗin abin da na rubuta: "Fili a sabuwar unguwa, kusa da titi, takardu cikakku. Babbar hanya na tafe, farashi zai ninka."

Ya karanta a hankali, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan boko, a can aka koya maka duba? Yaushe hanyar za ta iso, in je in tarye ta?"

"Kowa yana faɗa, Baba."

"To, kowa ya zo ya sa hannu."

Ya karɓi takardun ya baje. Akwai takardar ba da fili da sunan marigayi, da taswirar masu awo, da takardar kotu da ta nuna filin ya faɗo a rabon Gwaggo. Takardar mallaka ta gwamnati kuwa an nema, ba ta fito ba. Ya ja layi a kan "cikakku".

Washegari muka je filin. Ya nemo turakun siminti huɗu na iyaka, ɗaya sai da ya tona, ya gwada lambobinsu da na taswira. Ya miƙa mini bakin igiya muka auna. "Kusa da titi" ɗin nan nawa, da muka taka da ƙafa, minti goma sha biyar ne. Daga nan ya tsuguna a gindin katangar maƙwabci, ya nuna mini wani layi mai duhu, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa.

"Mai gida zai iya ɓoye maka, bango ba ya ɓoyewa. Ruwa na kwanciya a kusurwar nan."

A ofishin filaye ma ya tambaya, aka ce babu wata hanya a rubuce.

Ga abin da ya manna a allo, ya kuma tura wa mutanensa ta waya: girman fili, takardun da ke hannu da wadda ba ta fito ba, nisan titi, akwai wutar lantarki, babu famfo. "Kusurwar gabas tana riƙe ruwa, sai an yi ciko. Ana maganar za a yi hanya, ban ga takarda ba. Ban san abin da farashi zai zama gobe ba. Mai saye ya je ofishin filaye ya bincika da kansa."

Gwaggo ta sa na karanta mata sau biyu, sannan ta juya wurin Mai-Igiya.

"Malam, talla na ce ka yi, ko tonon silili? Wa ke kai akuya kasuwa yana shelar tana tari?"

"Hajiya, wanda ba ya so a dawo masa da ita."

Mako biyar mutum uku suka zo. Duk kusurwar gabas ya fara kai su, duk suka tafi. Hadari ya soma haɗuwa da yamma. Gwaggo ta jera bokitai a ɗaki, ta daina amsa gaisuwata da kyau, kamar ni na zana layin a bango.

Sai ga wata malamar asibiti, tare da yayanta lauya. An taɓa sayar mata da filin da ke da masu shi biyu, don haka yayan ya yi kwana uku yana bincike kafin su zo. Ya zauna a benci, ya zaro jerin aibobin da ya gano don ya karya farashi. Ya karanta na farko, Mai-Igiya ya nuna allo. Na biyu ma haka. A na huɗu lauyan ya ninke takardarsa, ya tashi ya karanta tallan tun daga sama.

"Batun ruwan nan ma ban gano shi ba," in ji shi.

Ƙanwar ta sayi filin, ba ta nemi ragi ba, domin farashin da ma an yanke shi da aibin a ciki. Bai kai abin da Gwaggo ta ci buri ba: ɗakuna uku suka samu sabon kwano, kicin ya jira.

Ranar ruwan farko na bi ta shagon. A rufe yake. Tela ya ce Mai-Igiya ya ɗauki lema ya tafi filin, wai zai duba ko ruwan ya tsaya inda ya ce.