Famfon da Allo Ya Ce An Gyara

Lokacin da aka turo ni Gumel, jihar tamu ba ta daɗe da samuwa ba, komai sabo ne ban da motar da aka ba mu. An ɗora ni shugaban masu gyaran famfon tuka-tuka na ƙauyukan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mu 'yan kaɗan ne, da tsohuwar akori-kura ɗaya, da wani gareji mai rufin kwano a bayan ofis. Ina da saurin fushi a wancan zamanin. Har yanzu ma iyalina sun ce bai tafi ba, ya dai tsufa ne.

A bangon garejin akwai wani baƙin allo, babba. Duk ƙauyen da ya kawo kuka cewa famfonsa ya lalace sai a rubuta sunansa da alli, in an gyara a ja masa alamar maki a gaba. Ƙarshen wata akawu ya zo ya kwafe, rahoto ya tafi sama. Ranar da na fara aiki na tsaya gaban allon nan, daga sama har ƙasa babu suna ɗaya da ba shi da maki. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina na faɗo cikin mutanen kirki, aikina sai shan shayi.

Kwana kaɗan bayan haka na shiga sito neman sifana. A lungu na ga silinda jibge kamar itacen girki. Silinda ita ce zuciyar famfo, tana can ƙasa cikin ruwa, ita ke turo shi sama ta cikin bututu. Kowacce an rubuta mata sunan ƙauye da fenti. Na karanta guda, na leƙa allo, sai ga sunan da makinsa. Na karanta ta biyu, haka. Famfon da silindarsa ke kwance a Gumel, da me yake ba da ruwa a can?

Na kira babban makanikenmu. Dattijo ne Kirista, mutumin tsakiyar ƙasar nan, ya daɗe a Gumel har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kowa Baba yake ce masa. Na balbale shi da faɗa tun kafin ya gama goge hannu. Ya bari sai da na gaji.

Ya ce, "Oga, gyaran famfo zuwa biyu ne. Ka je ka zaro bututu da rodi, ka ga abin da ya lalace. Ka dawo ka nemi kaya, ka koma ka mayar. Ofis kuma man mota na zuwa ɗaya suke ba kowane ƙauye, kuma ba sa sakin man wani ƙauyen sai sun ga maki a na baya. In ba mu ja ba, mota ta zauna, har waɗanda robar silinda kawai suke buƙata su ma su rasa. Sai mu ja, da niyyar in hanya ta bi ta can mu ƙarasa."

Na ce, "Hanyar ta taɓa bi?"

Ya ce, "Wasu ta bi."

A shekarun nan mai ya zama abin da ya zama. Layi a gidan mai sai ka ɗauka jana'iza ce, 'yan bumburutu kuma sun fi ƙarfinmu. Na san Baba bai yi ƙarya ba, amma sanin bai sanyaya mini rai ba.

Abin da ya fi muni shi ne kayan gyara. Sau ɗaya a shekara ake aiko su, kuma da rahoton da aka kwafa daga allon nan ake lissafa abin da za a aiko. Ƙauyen da ke da maki, a wurin na sama lafiyarsa ƙalau, ba a ware masa ko ƙusa.

Na ari babur na fara zagayawa da kaina. Wasu wuraren suna da rijiya, suna maneji. Wanda ya tsaya mini a rai wata 'yar unguwa ce arewa da Sule Tankarkar, dab da iyaka, gidaje ba su fi ka ƙirga da yatsu ba. Famfonsu na tsaye a kan dakalinsa, an ɗaure hannun da igiya don kada yara su yi wasa da shi. Bututun da aka zaro suna jere a ƙasa, tsatsa ta huda su. Tsohuwar rijiyarsu kuwa ta rufta, domin tun da famfo ya zo aka daina yasarta, ƙasar kuma rairayi ce. Ruwa sai da jaki daga wani gari, a fita da sanyin safiya a dawo rana ta take.

Mai unguwar tsoho ne dogo, mahaifinsa ne ya sari wurin. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na san da ruwan jakin nan aka dama ta, na sha da nauyin zuciya.

Na ce, "Mai unguwa, an ce mai duba aiki ya zo nan bara. Me ya sa ba ku gaya masa famfo a mace yake ba?"

Ya ce, "Ya zo, Malam. A bakin hanya ya tsaya, yashi bai bar motarsa ta shigo ba. Ya tambaya ko masu gyara sun zo, na ce sun zo, Alhamdulillahi. Mutanen nan sun wuni a rana suna jan ƙarfe, sun ci abincina. In kai ƙararsu a kore su daga aiki? Sun ce za su dawo."

Na ji kamar in kama shi in girgiza. Kunyarsa ta gama rufe abin da allinmu ya fara. Amma ta ina zan yi wa dattijo faɗa don ya rufa wa baƙonsa asiri?

Sai ya gaya mini abin da ke cinsa. Gida biyu sun riga sun tashi, sun koma garin da ke da ruwa. Wanda ya tashi ya kafa danga a wani wuri ba ya dawowa. Babban ɗansa ma matarsa ta ce ba za ta ƙara wani ranin a nan ba. Ya ce, "In ruwa ya dawo kafin rani ya yi tsanani, zan iya riƙe su. In ya wuce haka ba ni da bakin magana." Na ce masa in sha Allahu. Ya yi mini godiya kamar na riga na gyara.

Da na koma Gumel na ɗauki tsumma na goge makin duk ƙauyen da silindarsa ke sito. Allon ya koma kamar bakin tsoho, giɓi ko'ina. Washegari aka kira ni ofis.

Shugabanmu ba mugu ba ne, mutum ne da ya gaji. Ya ce, "Rahoton nan ya tafi da sa hannuna wata da watanni. Yanzu in rubuta in ce duk ƙarya ne? Kuma ko na rubuta, kayan bana an riga an raba."

Na ce, "Yallaɓai, mutane ne za su watse."

Ya ce, "Na ji. Ka mayar da makin. In akawu ya kwafi allon nan yadda yake, man watan gobe ba zai fito ba, kai da mutanenka ku zauna ku yi ta kallon juna. Su kai sabon kuka, a rubuta su a ƙasa, su bi layi."

Na yi magana mai zafi a ofishin nan, wadda ba zan maimaita ba. Bai ko ɗaga murya ba. Da na fito na tarar akawu ya riga ni, ya bi allon ya mayar da kowane maki da hannunsa mai kyau.

Sabon kukan ma bai yiwu ba. Akawu ya ce ƙa'ida ba ta yarda a sake rubuta ƙauyen da aka gyara ba sai shekara ta zagayo, don kada a ce gyaran banza muke yi. Na zagaya duk inda zan iya. Ni da Baba muka harhaɗa silinda ɗaya daga matattu uku, ta yi. Amma bututu fa? Ruwan yankin yana da nisa ƙwarai, bututu da yawa ake haɗawa kafin a kai gare shi, kuma babu ko ɗaya mai lafiya a sito. Na tambaya a kasuwa, kuɗinsu ya fi ƙarfina ya fi ƙarfin unguwar. Na rubuta takarda, na sake rubutawa. Kayan da suka zo a shekarar, na sababbin sunaye ne, kuma su ma mutane ne masu ƙishi, ba zan zare na wani in kai wa wani ba.

Tsakiyar rani na gamu da mai unguwa a kasuwar Maigatari, ranar Alhamis, a kara. Shanunsa ya kawo, ya ce ba zai iya shayar da su ba. Na so in ɓuya a bayan wata mota, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi Baba makanike. Bai ambaci famfo ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni na tambaya, sai ya ce ɗan nasa ya tashi satin da ya wuce, da jikokin duka.

Sai bayan damina ta gaba aka yarda sunan ya sake shiga, bututu suka iso. Ban jira komai ba, muka loda mota muka tafi. Dangogin unguwar duk sun kwanta, an kwashe jinkayen ɗakuna, an shuka gero a inda gidaje suke har an girbe. Gida ɗaya ne da hayaƙi. Tsohon ya fito, ya rame, ya shimfiɗa mana tabarmar nan.

Muka wuni muna saukar da bututu ɗaya bayan ɗaya, muna ɗaura rodi. Wajen la'asar Baba ya kama hannun famfo ya yi ta bugawa, ruwa ya zo ja da farko, sannan ya washe. Tsohon ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya yi mana addu'a mai tsawo. Matarsa ta kawo tulu ɗaya ta cika. Muka tsaya muna jira ko wani zai zo da nasa, ruwan yana zuba a dakali yana bin yashi. Babu wanda ya zo. Can tsohon ya ce wa Baba, "Bari haka nan, ya ishe mu."

Muka kwashe kayanmu muka kamo hanyar Gumel. Muka isa gareji, na ɗauki alli na nufi allo don in ja maki, karo na farko da zan ja wa unguwar nan da gaskiya. Sai na ga akawu bai sake rubuta sunan a ƙasa ba, ya ce ɓata wuri ne tun da yana nan a sama. Yana nan kuwa, da tsohon makinsa, allin har ya kama jikin katako. Na daɗe a tsaye ina neman abin da zan ƙara, babu. Na ajiye allin na je na wanke hannuna.