Rawutar Baba da Ke Tsallaka Iyaka

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa ƙauyenmu, can bayan Bagudo kan hanyar iyaka, na koma gidan Baba da jakunkuna da ƙaramar rawuta, akwatin nan mai ɗaukar sim da ke raba intanet a gida. Na saye ta ne don karatun da nake yi daga nesa, amma ba a jima ba Baba ya ƙwace ta. Ƙanena yana aiki a Legas, matarsa ta haihu, kuma duk Juma'a bayan la'asar Baba zai sa hula ya zauna gaban waya ya ga jikansa.

Garinmu sabis ɗin Benin ya fi namu ƙarfi. Don haka mai gyaran wayoyin da ya saita mini rawutar a Bagudo ya ɗaure ta kan layin gida, ya hana ta zaɓar layi da kanta.

Janareto kuwa na Baba ne, ba mai taɓa shi. Tun da ya bar fataucin bandar kifi, shi ne aikinsa. Da an ɗauke wuta zai miƙe kamar saurayi, ya ja igiya, injin bai gama tari ba ya riga ya buga makunnin da ke mayar da gida kan janareto. In wuta ta leƙo ya mayar, in ta sake tafiya ya sake bugawa. Fitilun rawutar su mutu, su farka, su sake mutuwa ba su gama farkawa ba.

Wata Juma'a muka zauna kira, waya ta ce ba ta san wata rawuta a gidan nan ba. Sunan da na sa mata ya ɓace, lambar sirri ta koma wadda ke rubuce a gindinta. Na shiga da ita, sai na tarar da saƙo da Faransanci, ana yi mana barka da zuwa Benin. Intanet kuwa babu, don datar da na saya ba ta aiki a layin waje.

"Mi ya hwaru?" in ji Baba.

"Baba, rawutarka ta tsallaka iyaka."

Ya leƙa ta a kan teburin da take zaune. "To, ta gaishe min da mutanen kasuwa. Ta dawo kahin magariba."

Ba ta dawo ba. Ranar bai ga jikansa ba, kuma ko da yake ya yi ta raha, tuwon dare kaɗan ya ci.

Na kai ta Bagudo aka sake saitawa. Da abin ya maimaitu, mai gyaran ya tambaye ni yadda muke sauya wuta. Na kwatanta masa, har da saurin hannun Baba. Ya yi dariya.

"Malama, ba lalacewa ta yi ba. In ana yanke mata wuta tana tsakiyar tashi, ko wutar ta zo tana rawa, wani lokaci saitinta kan gurɓace, sai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Wata rana ma ba za ta tashi ba."

Ya ɗauko wani abu mai girman sabulun wanki, ƙaramin UPS, batiri ne da ke shiga tsakanin caja da rawuta. Ya duba bayan rawutar ya tabbatar ƙarfin wutarsu ɗaya, bolt goma sha biyu. In wuta ta yanke, batirin ya ci gaba da ba ta ba tare da ta ƙifta ba, har 'yan awoyi. Na saya, na dawo gida na haɗa. Mai gyaran ya kuma ce a bar janareto ya daidaita kafin a ɗora masa gida.

Wannan saƙon na ƙarshe shi ya fi min wuya. Ba a cewa Baba ya yi kuskure a kan injinsa. Sai na ce masa mai gyara ya ce injin tsoho ne mai daraja, yana son a bar shi ya gyara murya.

"Yaron ga ya san inji," in ji Baba.

Juma'ar da ta biyo, jaririn yana cikin cusa yatsa a baki aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Baba ya zabura zai tashi, na riƙe gefen rigarsa na nuna masa wayar. Yaron yana nan, yana ta zubar da miyau. Baba ya dubi fitilun rawutar, ya dubi ƙofa, ya koma ya zauna a hankali.

Muka gama kiran cikin zafi, gumi na bin wuyansa, bai ko kula ba. Sai da ƙanena ya ce za su tafi masallaci sannan Baba ya fita wajen injin. Na ji ya tayar da shi, ya tsaya yana saurarensa, har ya tambayi maƙwabci ta kan katanga ko ruwan kogi ya fara ja da baya.