Shafi na Arba'in da Bakwai

Shekara ashirin da shida Akawu ya yi yana riƙe littafin masu cin bashi a shagon fenti na yayansa. Ko matarsa bai san ta kamar yadda ya san wannan littafi ba, har kishi take yi da littafin. Kowane mai bashi da shafinsa: kayan da ya ɗauka a hagu, abin da ya biya a dama.

Shafi na arba'in da bakwai na wani ɗan kwangila ne da ake kira Gobe-da-Safe. Ya ɗauki fentin dubu casa'in, da kyar ya kawo talatin. Akawu ya rubuta talatin a dama, saura sittin. Daga nan mutumin ya yi ɓatan dabo.

Bayan shekara biyu Yaya ya ce, "Wannan kuɗi ya mutu, rufe shafin."

Akawu ya cire hula kamar mai gaisuwar mutuwa. Ya rubuta sittin a dama, ya kai ta shafin asara, ya ja layi biyu. Ranar ko abinci bai ci ba.

Kwana uku sai ga Gobe-da-Safe, ya yi ƙiba har da tumbi.

"Malam Akawu, na ji kun yafe."

"Ba mu yafe ba, mun dai fid da rai. Bashi yana wuyanka."

"To, ai ba a yin alheri rabi-rabi. A mayar mini da talatin ɗina."

Akawu ya dube shi, ya ɗauki hular da ya ajiye tun ranar da ya rufe shafin, ya mai da ita kansa a hankali.

"Dawo gobe da safe," in ji shi.